Kama da Wane Ba Ta Wane: Iyakar Mai Gyaran Tsohon Hoto



Duk lokacin da wata zuri'a ta tashi yin taron zumunci, ko za ta buga kalandar tunawa da wani dattijonta, sai a shiga buɗe tsofaffin adaka da akwatunan ƙarfe ana neman hoton kaka. Sau da yawa ƙwaya ɗaya tak ake samu, baƙi da fari, ya yi rawaya, gefensa ya ciccinye, ga karcewa ta ratsa shi. Sai a miƙa wa wani yaro mai shagon kwamfuta, bayan kwana biyu ya dawo da hoto fes, mai sheƙi, wani lokaci har da launi. Kowa ya yi ta sa albarka, a buga, a rarraba. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne: a cikin wannan sabuwar fuska, wane ɓangare ne na marigayin, wane ɓangare ne na mai shago?

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Gyaran tsohon hoto aiki ne mai kyau, kuma akwai abubuwa da yawa da za a iya dawo da su ba tare da an yi wa kowa ƙarya ba. Amma akwai wurin da shaida take ƙarewa, zato ya fara, kuma mai gyara na ƙwarai shi ne wanda ya san wannan wurin, ya tsaya a kansa, ya kuma gaya wa masu hoto cewa nan ne ya tsaya.

Kafin a gane dalili, sai an san yadda tsohon hoto yake a jikinsa. Hoton baƙi da fari irin wanda masu hoto na garuruwanmu suke wankewa a da, hawa-hawa ne. A ƙasa akwai takarda, a kanta akwai wani farin shafe mai santsi, sannan a sama akwai wani siririn danƙo da ake kira jalatin, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi, ɗan'uwan abin nan da yake sa romon ƙafar sa ya daskare in ya huce. A cikin wannan danƙo ne ƙananan ƙwayoyin azurfa suke zaune. Inda suka taru da yawa wurin ya yi baƙi, inda suka yi ƙaranci ya yi haske. Wato fuskar kakanka gaba ɗayanta, da idonsa da gemunsa da rawaninsa, tana cikin wannan danƙo da bai kai kaurin fatar albasa ba. Idan ƙusa ko makulli ya karce hoton har ya kankare danƙon, farin layin da kake gani farin shafen nan ne na ƙasa ya bayyana. Babu wani hoto da ya ɓuya a ƙarƙashinsa, azurfar da take ɗauke da labarin wurin ta tafi tare da ƙusar.

Wannan shi ya sa nake raba lahanin hoto gida uku. Akwai abin da yake nan, wani abu ne kawai ya rufe shi. Akwai abin da ya tafi, amma maƙwabtansa za su iya ba da shaida a kansa. Akwai kuma abin da ya tafi bai bar shaida ba. Na farko ana bayyana shi, na biyu ana cike shi, na ukun kuwa duk wanda ya cike shi ƙaga shi ya yi.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. A ɗauka an kawo hoton wani dattijo Bagobiri, wanda aka ɗauka fiye da shekara hamsin da suka wuce, girmansa inci 3.5 a faɗi da inci 5.5 a tsawo, girman da aka fi yayi a wancan zamani. Yana zaune a gaban labule, an ɗauko shi daga hula zuwa gwiwa, sanye da babbar riga mai aiki a ƙirji. Lahani uku ne a jikin hoton. Akwai rawayan tabo a kafaɗarsa inda aka taɓa manna salatif. Akwai doguwar karcewa da ta taso daga labule, ta ratsa kuncinsa na hagu, ta gangara zuwa riga. Akwai kuma wani wuri kamar girman kwabo a kan aikin rigar, inda hoton ya manne wa gilashin firam saboda laimar damina, da aka ja shi sai danƙon ya ɓantare.

Aikin farko shi ne kallo, tun kafin a kunna kwamfuta. A kwantar da hoton a kan tebur mai tsabta, a riƙe shi ta gefuna, a kashe fitilar ɗaki, a haska shi da tocila daga gefe ta yadda hasken zai kwanta a kan takardar. A irin wannan haske duk wani kwari ko tudu da yake jikin takardar zai yi inuwa. Wannan ɗan gwaji yana da muhimmanci ƙwarai a hotunan mutanenmu, saboda tsagar gado. Yaran da suke gyaran hoto a yau da yawansu sun tashi ne bayan an rage yin tsaga, sai su ga layuka a kuncin tsoho su ɗauka lahani ne, su shafe su, su miƙo wa iyali kaka mai sulɓin fuska wanda bai taɓa rayuwa ba. Alhali bambancewa ba ta da wuya. Karcewa tana da kwari, bakinta yana da kaifi, farinta fat ne, kuma ba ruwanta da surar fuska, tana wucewa ta hau labule ko hula. Tsaga kuwa a cikin hoton take, saman takarda a wurinta lafiyayye ne, tana bin lanƙwasar kunci, tana kuma tsayawa inda fuska ta tsaya. Idan kuma aka ga siririn baƙin layi miƙaƙƙe wanda ba shi da kwari, to mai yiwuwa nagetif ɗin ne ya karce tun kafin a wanke hoton, domin inda nagetif ya kankare haske yana wucewa sosai ya baƙanta takarda.

Daga nan sai kwafar hoton da sikana. A share gilashin na'urar, kada a share hoton da ruwa ko jiƙaƙƙen tsumma, domin jalatin yana kumbura ya yi laushi in ya ji ruwa. A kashe duk wani gyara da na'urar take yi da kanta. Ga hoto mai wannan girma, a zaɓi 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, abin da zai ba da ɗigo 2,100 a faɗi da 3,300 a tsawo. A adana shi a matsayin TIFF, domin JPEG yana zubar da wani abu daga hoto duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. A kwafi bayan hoton ma, saboda tambarin mai hoto ko rubutun da wani ya yi a wurin yakan fi gaban faɗin lokaci da gari. Wannan kwafi na farko shi ne uwa, ba a taɓa shi, a kan kwafinsa ake aiki. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa in an ɗaga lambar zuwa dubu biyu za a ga abin da ba a gani ba. Takardar hoto tana da iyakar abin da ta riƙe, in an wuce wannan iyaka ƙwayoyin azurfa da saƙar takarda kawai ake ƙara wa girma.

Wata dabara da ba kowa ya sani ba ita ce a kwafi hoton a matsayin mai launi, ko da yake baƙi da fari ne. Dalili shi ne na'urar tana kallon hoto ta ido uku, ja da kore da shuɗi, kuma manhajojin gyaran hoto irin su Photoshop da GIMP suna iya nuna abin da kowane ido ya gani shi kaɗai. Rawayan tabo yana fitowa da duhu sosai a idon shuɗi, amma a idon ja kusan ba a ganinsa. Saboda haka tabon salatif da yake kafaɗar dattijonmu, in aka ɗauki abin da idon ja ya gani, sai ninkin rigar ya fito kamar an ɗage mayafi. A nan ba a ƙirƙiri komai ba, azurfar tana nan tun asali, rawayan ne ya sha gabanta. Haka ma hoton da ya koɗe: matuƙar akwai ɗan bambanci tsakanin haske da duhu, za a iya buɗa wannan bambanci har fuska ta sake fitowa. Wannan shi ne gida na farko, kuma mai gyara yana iya sakin jiki a cikinsa.

Gida na biyu shi ne inda karcewar ta bi ta kan labule da kuma filin rigar da ba shi da aiki. A nan azurfa ta tafi, amma hagu da dama na layin duk labule ne iri ɗaya, kuma hankali ba zai karɓi cewa wani abu dabam ne ya zauna a tsakaninsu ba. Kayan aikin wannan wuri biyu ne. Clone Stamp yana ɗebo ɗigo daga wurin da ka nuna masa ya ajiye su a kan lahanin yadda suke. Healing Brush kuma yana ɗebo saƙar wurin da ka nuna, sannan ya daidaita haskenta da na kewayen lahanin. Dukansu biyu aro suke yi daga maƙwabci, kamar madinkin da ya yanko ƙyalle daga cikin kalmasa ya yi maho a gaba. Ƙa'idar ita ce a yi aikin a kan wata shimfiɗa dabam, abin da manhajar take kira Layer, domin a iya ɗage gyaran a kowane lokaci a ga asali. A yi amfani da ɗan ƙaramin baki wanda bai fi faɗin karcewar da yawa ba, a riƙa ɗebowa daga kusa, a kuma riƙa sauya wurin ɗiba. Wanda ya yi kasala ya tsaya wuri ɗaya yana ɗiba, aikinsa yana tona kansa: za ka ga ɗan tabo guda ya maimaita kansa sau uku ko huɗu a jere, ko ka ga wani wuri ya yi sulɓi kamar roba alhali sauran hoton yana da ɗan tsakuwa-tsakuwa na azurfa.

To, sai mu zo kunci, inda maganar take. A nan ɗan lissafi zai taimaka. A hotonmu kan dattijon, daga haɓa zuwa tsakar ka, ya kai kimanin santimita 3, kan babban mutum kuwa a zahiri yana kusa da santimita 24. Wato kowane milimita ɗaya a takarda yana wakiltar milimita 8 a jikin mutumin. Idan faɗin karcewar a kan kunci ya kai milimita ɗaya, a kwamfuta ɗigo 24 ne kawai, abin da hannu zai shafe a cikin daƙiƙa biyu. Amma a fuskar marigayin, tsiri ne mai faɗin milimita 8, kusan rabin faɗin ɗan ƙaramin yatsa. A kan labule wannan faɗi ba komai ba ne. A kan kuncin Bagobiri kuwa, inda layukan tsaga suke tasowa daga gefen baki kusa da kusa suna bazuwa zuwa wajen kunne, wannan faɗi ya isa ya haɗiye layi ɗaya ko biyu in karcewar ta bi hanyarsu.

Idan karcewar gitta layukan ta yi, aka ga kowane layi ya shiga ta wannan gefe ya fita ta wancan, to haɗa bakin biyu cikewa ce mai shaida, tana cikin gida na biyu. Amma idan ta kwanta a kan hanyarsu ta cinye su, sai jarrabawa ta zo. Dabarar da ta fi sauƙi, wadda kuma aka fi yi, ita ce a yanko lafiyayyen kuncin dama, a juya shi kamar a madubi, a manna a hagu. Wannan dabara tana da aibi uku. Na ɗaya, fuskar ɗan Adam ba ta zama daidai wa daida, ido ɗaya yakan ɗan fi ɗaya buɗewa, gefen baki ɗaya yakan ɗan fi ɗagawa, kuma irin waɗannan ƙananan saɓani su ne suke sa ɗa ya gane ubansa. Na biyu, haske daga gefe guda ya zo ranar da aka ɗauki hoton, don haka in an juya kunci an juya inuwarsa, sai fuska ta zama kamar rana biyu ce ta haska ta. Wanda ya juya ido ma haka, ɗan farin ƙyallin da yake cikin ƙwayar ido zai koma ɗaya gefen, idanun su riƙa kallon fitila biyu. Na uku, wanda ya fi nauyi, ita tsagar kanta ba lalle ba ne ta zama iri ɗaya a gefe biyu. Abin da aka fi sani game da tsagar Gobirawa shi ne shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗaya. Mai bille kuwa a gefe guda yake da shi. Wanda ya kwafi dama ya manna a hagu ya ba dattijon tsagar da babu wanzamin da ya yi masa ita, ya sauya masa takardar shaidar da iyayensa suka rubuta masa a fuska.

Wani zai ce, to ai tunda an san al'adar, in an ƙirga bakwai a dama sai a zana shida a hagu. Wannan ya fi juyin madubi hankali, amma har yanzu zato ne. Al'ada tana iya gaya maka adadi, ba za ta gaya maka yadda hannun wanzami ya kwantar da askarsa a ranar ba, ko yadda layukan suka buɗe da yaron ya girma, ko cewa gidansu suna da wani ɗan ƙari ko ragi da ya bambanta su da maƙwabta. Hanyar da ta fi ita ce neman shaida ta biyu. A binciki fasfon aikin Hajji, ko katin wurin aiki, ko hoton taron biki da yake hannun wani reshe na dangi a wani gari. In mai hoton da ya ɗauka ko magadansa suna nan, a tambaya ko nagetif ya tsira, domin nagetif ya fi takarda riƙe bayani nesa ba kusa ba. Abin da ya sa duniya ta san hotunan Seydou Keïta na Bamako, wanda ya rasu a 2001, shi ne ya adana dubban nagetif ɗinsa, aka sake wanke su manya-manya bayan shekaru masu yawa. In an samu shaida ta biyu, za a iya dogara da ita a cike wurin, amma a rubuta cewa daga wani hoto aka aro. In ba a samu ba, abin da ya dace shi ne a kashe farin karcewar, a shafa mata toka-toka daidai da hasken fatar da take kewaye da ita, don kada ta riƙa fizgar ido, ba tare da an zana layi ko ɗaya ba. Daga nesa fuska za ta zauna lafiya, wanda ya matso kusa kuma zai gane cewa nan wurin an rasa shi.

Hukuncin ɓantararren wurin nan na ƙirji ma haka yake, sai dai akwai abin da ya kamata a fara yi. In gilashin firam ɗin yana nan, kada a wanke shi, domin sau da yawa ɓantararren danƙon yana manne a jikinsa da hotonsa a ciki. Za a iya kwafar gilashin shi ma, a mayar da guntun mazauninsa a kwamfuta. Wannan ma ya sa in hoto ya manne wa gilashi ba a jansa, ana kwafarsa ne tare da gilashin. In kuwa guntun ya salwanta, to aikin riga ba labule ba ne da za a ce ko'ina ɗaya. Aska biyu dabam, aska takwas dabam, kuma yawan aikin da yake ƙirjin mutum yana faɗin wani abu game da halinsa da matsayinsa. Mai gyaran da ya je ya samo hoton wata riga ya manna, yana iya mayar da malamin zaure hakimi, ko ya tuɓe wa attajiri rigarsa. Zuri'ar da za ta zo nan gaba kuma da wannan rigar za ta yi wa kakanta hukunci.

Batun sa launi ya fi duka faɗawa cikin gida na uku, ko da yake shi ne ya fi burge mutane. Hoton baƙi da fari yana riƙe yawan haske ne kawai, bai riƙe launi ba. Jar dara da koriyar hula mai duhu da rawani baƙin rini duk suna iya fitowa da duhu iri ɗaya a takarda. Babu wata ƙwarewa da za ta ciro launi daga inda ba a taɓa ajiye shi ba. Iyakar abin da za a yi shi ne a tambayi wanda ya san rigar, shi ma bayan shekara hamsin tunaninsa yana iya haɗa riga biyu. Hasken fata ma haka, na sha ganin an mayar da baƙin mutum wankan tarwaɗa saboda mai gyara yana ganin haka ya fi kyau. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Wannan tsantseni ba sabon abu ba ne a wurin masu kula da kayan tarihi. Yarjejeniyar Venice ta 1964, wadda ta shimfiɗa ƙa'idojin gyaran tsofaffin gine-gine, ta tanadi cewa gyara ya tsaya a inda zato ya fara, kuma duk abin da aka ƙara ya zama ana iya bambanta shi da asali. A Italiya, masu gyaran zane na makarantar Cesare Brandi sukan cike wurin da ya ɓace da siraran layuka a tsaye, waɗanda daga nesa suke sajewa da zanen, daga kusa kuma kowa ya gane maho ne. Abin da kan faru in an bar wannan ƙa'ida kuwa duniya ta gan shi a 2012 a garin Borja na ƙasar Sifen, inda wata dattijuwa mai kyakkyawar niyya ta ɗauki buroshi don gyara wani tsohon zanen bango, ta mayar da fuskar abin dariya. Mu ma nan gida muna da irin wannan ladabi. Masu kwafar littattafai da hannu, in suka iske gara ta ci wani wuri a uwar littafi, na ƙwarai daga cikinsu yakan bar gurbin fari, ya nuna a gefe cewa haka ya same shi. Ya san nahawu, yana iya cankar kalmar da ta ɓace, amma bai yarda ya sa maganarsa a bakin mawallafi ba.

Na san akwai hujja a ɗaya ɓangaren, kuma ba ƙarama ba ce. Tsohuwar da ta rasa mijinta shekara talatin ba darasin tarihi take nema ba, fuskarsa take son gani cikakkiya a bangon ɗakinta. Wa zai ce mata a'a? Ni ban ce a hana ta ba. A yi mata hoton ado, a cike, a sa launi in tana so, amma a kira shi da sunansa. Abin da nake tsoro shi ne abin da kan biyo baya. Gyararren hoton shi ne ake bugawa a kalanda, shi ne yake yawo a WhatsApp daga waya zuwa waya, shi ne jikoki suke buɗe ido su gani. Tsohuwar takardar kuwa, tunda an samu wanda ya fi ta kyau, sai a wulaƙantar da ita, wani lokaci ma a bar ta a shagon. Bayan shekara ashirin waɗanda suka san marigayin ido da ido sun ƙare, babu mai cewa ba haka kuncinsa yake ba. A lokacin zaton wani yaro mai shago ya zama tarihin gida.

Saboda haka duk wanda zai kai hoto gyara, ya fita daga shagon da abu uku a hannunsa. Na farko ita ce takardarsa ta asali yadda ya kawo ta, ba a manna mata komai ba, ba a shafa mata biro ko fenti ba, musamman ba a yi mata laminatin ba, domin zafi da gam ɗin robar suna kama danƙon hoto kamun da ba ya sakuwa. Na biyu shi ne kwafin uwa da ba a taɓa ba, gaba da baya, a adana shi a wuri fiye da ɗaya. Na uku shi ne gyararren hoton, tare da ɗan rubutu a bayansa ko a ƙasansa mai cewa, misali, an cire tabo a kafaɗa, an cike karcewa a labule, kuncin hagu da aikin ƙirji sun ɓace a asali, launi kuma ƙiyasi ne. Mai gyaran da ya san aikinsa ba zai ji haushin wannan buƙata ba, zai ma ɗage maka shimfiɗar gyaran a kan allo ya nuna maka kowane wuri da hannunsa ya taɓa. Wanda ya ƙi nuna maka, ka ɗauki hotonka ka ƙara gaba.

Ita kuma takardar asali, a sa ta a cikin farar takarda mai tsabta, a ajiye ta a kwance a wuri mai sanyi da bushewa, nesa da bangon da yake tsatsafo da damina, nesa da hasken rana da hayaƙin murhu. In za a sa hoto a firam, gyararren kwafin ya hau bango, asalin ya huta a akwati. Sannan tun dattawan gida suna da rai, a zauna da su a tambaye su wane ne wannan, a ina aka ɗauka, layi nawa ne a kuncinsa, rigar nan wace iri ce, a rubuta amsar da fensir mai laushi a jikin takardar da aka naɗe hoton. Abin da tsohuwa za ta faɗa maka a zama ɗaya, babu mai gyaran da zai iya ciro shi daga farin layin da ƙusa ta bari.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da suka bar mana.